Wordle: me ya sa E ɗaya ya yi rawaya, ɗayan ya yi toka?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a taimaka min kafin in fasa wayata. Kwana uku ke nan da na fara wannan wasan cankar kalma na Wordle, kullum faɗuwa nake yi. Abin da na sani kawai shi ne akwai kalmar Turanci mai haruffa biyar da aka ɓoye, kuma sau shida ake ba mutum ya gwada. Ga abin da na yi jiya, na kwafe shi a takarda saboda takaici:

HOUSE ⬜⬜⬜🟨🟨
HORSE ⬜⬜⬜🟨🟨
LEVEL 🟨🟨⬜⬜🟩
SKILL 🟩⬜⬜🟩🟩
STILL 🟩⬜⬜🟩🟩
SMALL 🟩⬜⬜🟩🟩

Wai ashe SPELL ce kalmar. Abin da ya ɗaure min kai layi na uku ne. E biyu na sa, ɗaya ya yi rawaya, ɗaya ya yi ruwan toka. To akwai E ne ko babu? Ni dai na ɗauka toka na nufin babu, sai na watsar da shi.

Nura:
Wa'alaikumus salam. Ai wannan ba abin tashin hankali ba ne Anti. Kore: kin dace. Toka: babu harafin. Rawaya: kin kusa, harafin yana maƙwabtaka da gidansa, ki matsar da shi gaba ko baya da gida ɗaya. Shi kuma E na biyu ya yi toka ne don wasan sau ɗaya yake ƙirga kowane harafi. Kuma daga yau ki riƙa farawa da ADIEU, wasula huɗu a lokaci guda. Ni da ita nake cin kowa.

Malam Isiyaku:
Nura, kore ɗinka daidai ne, sauran kuwa da gyara. Kuma ba sai mun je nesa ba, takardar Hauwa'u ta isa shaida.

Dubi layinta na farko. S yana gida na huɗu ya yi rawaya, alhali gidansa na gaskiya shi ne na farko. Tsakaninsu gida uku. Rawaya ba ta faɗin kusa ko nesa. Abu biyu kawai take faɗa: harafin yana cikin kalmar, kuma ba a wannan gidan da aka sa shi yake ba. Shi ke nan.

Batun ƙirga harafi sau ɗaya kuma, dubi L a LEVEL. Biyu ta sa, duka biyun sun samu launi, ɗaya rawaya ɗaya kore. Da sau ɗaya ake ƙirgawa da na farkon ya yi toka.

Hauwa'u, ga yadda abin yake. Ki ɗauka kalmar da aka ɓoye tana da launuka daidai yawan haruffanta, kowane harafi launi ɗaya zai bayar. SPELL tana da S ɗaya, P ɗaya, E ɗaya, L biyu. Da kika rubuta LEVEL, wasan ya fara duba wanda ya faɗa gidansa daidai. L na ƙarshe ne kawai, sai ya yi kore, saura L ɗaya a hannun kalmar. Daga nan ya dawo ya bi sauran daga hagu zuwa dama. L na farko: akwai sauran L ɗaya, sai ya yi rawaya. E na farko: akwai E, ya yi rawaya, E ɗin ya ƙare. V babu shi. E na biyu ya zo ya tarar an riga an rabar, sai ya tashi a toka.

Saboda haka tokar nan ba cewa take babu E ba. Cewa take babu E na biyu.

Hauwa'u:
Ikon Allah. Wato ni da na ɗauka wasan ya ruɗe, ashe bayani yake min har biyu: L biyu ne, E ɗaya ne.

Malam Isiyaku:
Har uku ma. Ya kuma gaya miki E ba ya gida na huɗu, domin da a nan yake da wannan E ɗin ne zai yi kore, na farkon ya yi toka. Wannan layin da ya ba ki haushi shi ne mafi albarka a duk wasanki na jiya.

Kuma akwai abin da zai tsare ki nan gaba. Ki riƙa duba madannan da ke ƙasan allo, su ma suna sauya launi. E a can rawaya ya tsaya, bai koma toka ba, domin madannan suna riƙe launi mafi kyau da harafi ya taɓa samu. Harafin da ya yi toka a madannai, shi ne wanda babu shi kwata-kwata.

Baba Tanko:
Salamu alaikum. Na ga ana ta maganar haruffa. Wannan ba shi ne wanda ake jera ƴan katako a kan faifai ba, kowane harafi da makinsa, Q da Z goma-goma? Idan shi ne, ƴata, ki riƙa adana S, yana da amfani a ƙarshen wasa.

Fa'iza:
Baba wancan Scrabble ne 😄 Wannan a waya ake yi, kai kaɗai, babu maki babu abokin karawa. Kalma ɗaya ce tak a rana, kuma kowa ita yake nema.

Baba Tanko:
To idan mutum ya canka me ake ba shi?

Fa'iza:
Ba komai Baba, sai dai ya yi wa mutane fankama da ƴan akwatunan nan masu launi.

Baba Tanko:
Allah ya kyauta. Ku ci gaba, ina saurare.

Malam Isiyaku:
Baba ai shi ma wanda ya ƙirƙiro shi ba don kuɗi ya fara ba. Josh Wardle sunansa, injiniyan manhaja ne, ya yi shi ne don shi da abokiyar zamansa su riƙa yi, sunan wasan ma daga sunansa ya fito. A Oktoba 2021 ya sake shi ga jama'a, zuwa ƙarshen Janairu 2022 jaridar New York Times ta saye shi.

Hauwa'u, mu koma kan takardarki, don E ɗin nan ba shi kaɗai ya kayar da ke ba. Layi na biyu nake so ki sake dubawa. Me HORSE ta ƙara miki a kan abin da HOUSE ta riga ta faɗa?

Hauwa'u:
Bari in gani… R kawai. Cewa babu R.

Malam Isiyaku:
Yawwa. H da O an riga an ce miki babu su, kika sake sa su. S da E an ce miki suna nan amma ba a waɗannan gidajen ba, kika mayar da su gidajen dai. Gida biyar aka ba ki ki yi tambaya biyar, kika yi guda ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da kusan duk sabon shiga yake yi: idan ya ga launi, sai ya riƙe siffar kalmar ya sauya harafi ɗaya, yana jin ya kusa. HORSE ba za ta taɓa zama amsa ba tun kafin ki danna, tunda H na cikinta.

Duk layin da za ki rubuta, ki tambayi kanki abu uku kafin ki tura. Akwai harafin da aka riga aka kora? Rawayan da nake da su, na sauya musu gida? Akwai rawayan da na manta gaba ɗaya? A LEVEL kin manta S. A layi uku na ƙarshe kin bar E. A STILL kin sake sa I bayan SKILL ta kore shi.

Yanzu ga aiki. Tsaya a bayan layi na huɗu, SKILL. Kina da S a farko, L biyu a ƙarshe. Gida na biyu da na uku ne a buɗe. Ina E zai zauna?

Hauwa'u:
Na biyu ko na uku. A'a tsaya, a LEVEL na sa shi a na biyu ya yi rawaya, to ba can ba ne. Na uku ke nan. S, wani abu, E, L, L.

Malam Isiyaku:
Madalla. Kawo kalmomin da kika sani masu wannan siffar.

Hauwa'u:
SHELL, SMELL, SPELL. Akwai SWELL ma. Amma H ya fita tun layin farko, to saura uku. Wayyo, da na san haka ai da na ci!

Malam Isiyaku:
Ba tabbas. Kalma uku, gwaji biyu ya rage miki. Idan kika yi ta canka ɗaya bayan ɗaya, kika fara da SMELL, kika bi da SWELL, kin faɗi duk da kin yi lissafi daidai. Biyu cikin uku ne rabonki ta wannan hanyar.

Akwai hanyar da ba ta da faɗuwa. A layi na biyar ki rubuta kalmar da kin san ba ita ce amsa ba, amma tana ɗauke da haruffan da kike shakka a kansu: M da P da W. SWAMP tana da duka ukun. Idan W ya yi kore, SWELL ce. Idan M ya yi rawaya, SMELL ce. Idan P ne, SPELL. Sai ki rubuta amsarki a layi na shida hankali kwance. Kin sadaukar da damar ci a layi na biyar, kin sayi tabbacin ci a na shida.

Nura:
Haba Malam! Ɗazu ka gama yi mata faɗa a kan HORSE wai ba za ta taɓa zama amsa ba. Yanzu kuma kana cewa ta sa SWAMP, ita ma ai ba za ta zama amsa ba. Wanne za mu ɗauka?

Malam Isiyaku:
Tambayarka ta yi kyau. Laifin HORSE ba wai don ba za ta ci ba ne kaɗai. Laifinta ba ta ci, kuma ba ta kawo labari ba. Ita SWAMP aike ce, an tura ta ta tambayo abu uku ta dawo. Kalma ko dai ta kasance tana iya ci, ko ta kasance tana raba gardama. Wadda ba ta yi ko ɗaya ba ita ce asara.

Anti Rabi:
Malam ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni wannan ramin ne ya cinye min jerin nasarar da na yi wata biyu ina tarawa, har yau abin yana min ciwo. Na fara da LATER, A da T suka yi kore. Na sa MATCH, huɗu suka yi kore, na ce yau a layi na uku zan gama. Na sa CATCH, shiru. PATCH, shiru. HATCH, shiru. Hannuna na rawa na sa BATCH. Ashe WATCH ce, kalmar da yaro ɗan firamare ya sani. Kore huɗu sau biyar a jere, na tashi a tutar babu.

Hauwa'u ƙanwata, idan kika ga kore huɗu da wuri kada ki yi murna, ki tsaya ki ƙirga ƴan uwan kalmar tukuna. Masu ƙarewa da IGHT ma haka suke, da masu OUND. Gida ne mai ƴaƴa da yawa.

Malam Isiyaku:
Hajiya Rabi ta faɗi gaskiya, kuma nata ya fi na Hauwa'u sauƙin kaucewa. Bayan MATCH, sanannun da suka rage biyar ne: BATCH, CATCH, HATCH, PATCH, WATCH. LATCH ta fita tunda L ya yi toka a layin farko. Gwaji huɗu ya rage. Kalma biyar, gwaji huɗu, ɗaya za ta kuɓuce. Da a layi na uku an sa kalma mai haruffa biyu daga cikin waɗanda ake shakka, kamar WIPED, an gama. W ya yi kore, WATCH ce. P ya yi rawaya, PATCH ce. Idan babu ko ɗaya, saura kalma uku da gwaji uku, ko an yi rashin sa'a duka za a ci a na shida.

Ƙa'idar da nake bi ke nan: in ƙirga kalmomin da suka rage, in ƙirga gwajin da ya rage. Idan kalmomin sun fi yawa, in aiki ɗan aike. Idan ba su fi ba, in yi ta canka.

Anti Rabi:
Ai ko na so ba zan iya ba a ranar, Malam. Hard Mode na kunna. Ɗana ne ya ce min wai shi ne wasan manya.

Hauwa'u:
Mene ne kuma wannan? Na gan shi a wajen saiti ban taɓa ba.

Anti Rabi:
Kada ki taɓa shi yanzu. Idan kika kunna, duk harafin da ya yi kore dole ya zauna a gidansa a duk layin da ya biyo baya, wanda ya yi rawaya kuma dole ki sake sa shi. Ba zai karɓi SWAMP ɗin nan ba, zai ce ina E ɗinki, ina L ɗinki.

Fa'iza:
Ni kuwa Anti gani nake ya fi dacewa da sabon shiga. Dubi Hauwa'u, matsalarta mantuwa ce. Da a kunne yake, da bai bar ta ta tura LEVEL babu S ba, da bai bar ta ta yar da E ba. Da shi na koyi nutsuwa.

Malam Isiyaku:
Kowaccenku tana da hujja. Sai dai a sani, bai hana komai da komai ba. HORSE za ta wuce a cikinsa lafiya lau, domin S da E suna ciki, shi kuma bai damu da an sake sa harafin da ya yi toka ba, bai kuma damu da an mayar da rawaya gidan da ya riga ya ƙi ba. Rabin kurakuran yake tarewa. Ni dai a kashe nake barin nawa, don ba na son wasan da zan yi lissafi daidai kuma sa'a ta kayar da ni. Amma ban ce Fa'iza ta yi kuskure ba.

Nura:
To mu dawo kan ADIEU, na ga an share maganata. Wasula huɗu fa. Wace kalma ce ta fi ta?

Malam Isiyaku:
Ba a share ba. ADIEU ba ta da laifi ga wanda yake jin daɗinta, amma gwada ta a kan kalmar jiya. SPELL: A toka, D toka, I toka, E rawaya, U toka. Ka san akwai E, ka san babu A da I da U. Yanzu faɗa min kalmar. Kalmomi masu E ba sa ƙirguwa, shi ne harafin da ya fi kowanne yawa a amsoshin. Wasula biyar ne kacal, shida idan aka haɗa da Y, to ko ba ka neme su ba, za su fito da kansu a layi biyu. Baƙaƙe ne ke rarrabe kalmomi. Gwada SLATE a kan kalmar dai: S kore, L rawaya, E rawaya, A da T sun fita. Layi ɗaya, haruffa uku a hannu.

Nura:
Ai wannan ka zaɓi ranar da ta yi maka daɗi ne. Ranar da kalmar ta zama AUDIO fa?

Malam Isiyaku:
Ranar ka ci ni, ba musu. Rana ɗaya ba ta zama hujja, ko tawa ko taka. Abin da nake cewa a kan yawancin ranaku ne. Haruffan da suka fi yawo a amsoshi su ne E, A, R, O, T, L, I, S, N. D da U ba sa cikin na gaba-gaba, kuma gida biyu suka ci a ADIEU. Shi ya sa kalmomi irin su SLATE, CRANE, STARE suka fi karɓuwa wajen masu lissafin abin: wasali biyu, baƙi uku masu yawan fitowa, babu harafin da aka maimaita.

Hauwa'u, wannan na ƙarshen shi ne abin riƙewa. Kalmar farko kada ta maimaita harafi. HOUSE ɗinki ba ta da aibu ko kaɗan, haruffa biyar daban-daban ne. LEVEL kuwa a layin farko ɓarna ce, haruffa uku kawai take tambaya. A layi na uku ma sa'a kika yi kalmar ta zo da L biyu.

Nura:
Ni dai ina nan a kan ADIEU ɗina. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Anti Rabi:
Ni kullum sabuwa nake sawa, duk wadda ta faɗo min a rai da safe. Kalma ɗaya kullum ai kamar aikin ofis ne.

Hauwa'u:
Wata tambayar. Shekaranjiya na rubuta wata kalma, layin ya girgiza ya rubuto min "Not in word list". An cire min gwaji ɗaya ke nan? Sannan me ya sa ya karɓi BOOKS da na sa a ranar farko, wata ƙawata ta ce wai ba a sa jam'i?

Fa'iza:
Ba a cire miki komai ba, gogewa za ki yi ki sake. Ba ya karɓar haruffan da aka jera kawai ba kalma ba, kamar ki sa AEIOU, amma ba ya hukunta ki.

Malam Isiyaku:
Ƙawarki ta yi rabin gaskiya. Jeri biyu ne a wasan. Akwai babban jerin kalmomin da yake karɓa idan an rubuta, a asalin wasan sun kusa 13,000. Akwai ƙaramin jerin waɗanda za su iya zama amsa, a asali 2,315, waɗanda aka tace aka bar sanannu. BOOKS tana cikin na farko, shi ya sa ya karɓa. Amma jam'in da aka yi da ƙara S kawai ba a saba sa shi ya zama amsa ba. Kina iya aiken irinsu su tambayo miki haruffa, kada dai ki sa ran ci da su. Kalma irin GLASS ko FOCUS daban ce, S ɗinta na asali ne.

Amfanin sanin wannan: idan ya rage miki kalma biyu, ɗaya kowa ya san ta, ɗaya sai an buɗe ƙamus, ki zaɓi sananniyar. Sannan rubutun Amurka ake bi. Mu da muka koyi na Ingila sai mu manta COLOR da HONOR da FAVOR haruffa biyar ne a wajensu.

Baba Tanko:
To ni duk wannan Turancin ya fi ƙarfina. Ba a yi da Hausa ne?

Fa'iza:
Baba ai ba sai da manhaja ba. Mutum ɗaya ya riƙe kalma a ransa, sauran su yi ta kawo tasu, shi kuma ya ba su launi. Mu gwada a nan ma. Sai dai a fara yanke hukunci: sh da ts da ky harafi ɗaya ne ko biyu? TSARI gida biyar ce ko huɗu? Kuma idan na riƙe ƙ wani ya kawo k, in ba shi kore ko toka?

Malam Isiyaku:
K da ƙ dai babu tantama, haruffa biyu ne daban, tunda kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne. Toka za ki ba shi. Haka d da ɗ, b da ɓ. Batun sh da ts, a abacadar Hausa kowanne baƙi ɗaya ake ɗaukarsa, ni da gida ɗaya zan ba su.

Fa'iza:
Amma Malam a waya dannawa biyu ne, mutane za su rikice. Kuma idan na riƙe SHIRI wani ya kawo kalma mai s kaɗai, toka zan ba shi alhali yana ganin s da idonsa? Rigima za a yi.

Nura:
Gida biyu kawai, a huta.

Malam Isiyaku:
To a bar su a gefe tukuna, a zaɓi kalmomin da babu su. Hauwa'u, ga jarrabawa, ke ce mai ba da launi. Kin riƙe SARKI a ranki. Baba ya kawo KASKO. Me za ki ba shi?

Hauwa'u:
K na farko rawaya, tunda akwai K amma ba a nan ba. A kore. S rawaya. K na biyu kore. O toka.

🟨🟩🟨🟩⬜

Anti Rabi:
Ƙanwata, K nawa ne a SARKI?

Hauwa'u:
Ɗaya… Kash! Kore ake fara rabawa. K na gida na huɗu ya ɗauke shi, na farkon bai samu komai ba duk da shi ya riga zuwa.

⬜🟩🟨🟩⬜

Malam Isiyaku:
Yanzu ya yi. Da kin bar na farkon, da kin gaya wa Baba akwai K biyu, ya ɓata sauran gwajinsa yana neman abin da babu. Ga ta biyu: kin riƙe HANCI, an kawo HANNU.

Hauwa'u:
H, A, N kore. N na biyu toka don N ɗaya ne. U toka.

🟩🟩🟩⬜⬜

Na kuma buɗe ta yau ina nan ina yi. Na fara da STARE, na samu rawaya biyu, na sauya musu gida, a layi na huɗu na ci! Kalmar ita ce

Fa'iza:
KADA KI FAƊA! Ban yi tawa ba! Kowa kalma ɗaya yake nema, sai sha biyun dare take sauyawa. Ki danna Share, zai kwafo miki akwatunan kawai babu haruffa, su za ki liƙa mana.

Hauwa'u:
Yi haƙuri, saura ƙiris 🙈 Ga shi:

⬜🟨⬜🟨⬜
🟨⬜🟨⬜⬜
⬜🟩🟩⬜🟩
🟩🟩🟩🟩🟩

Nura:
Ai kin riga kin faɗa mana da STARE kika fara. Yanzu duk mun san akwai T da R, babu S da A da E.

Baba Tanko:
To ni na riƙe tawa ta Hausa, gida biyar, babu sh babu ts. Fa'iza, kawo ta farko.